Neman wa yara makaranta a sabon gari: abin da nake rubutawa yau da gobe

14 ga Yuni

An tabbatar wa Baban yara da canjin wurin aiki, mun kuma kama gida, saura makaranta. Yara biyu ne: Yaya mai shekara 10 da za ta shiga aji biyar, da Auta mai shekara 6 da zai fara aji ɗaya. Na sayi littafi guda na ware wa wannan aiki, kowace makaranta da shafinta, domin idan mutum ya zaga wurare da yawa sai bayanan su cakuɗe masa, ya manta wa ya ce me.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. A garin nan harshen da ake yi a titi da kasuwa ba namu ba ne, kuma yarana ba su jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Akwai kuma harshen hukuma, wanda ake rubuta jarrabawa da shi. Yaya ta fara kama shi a tsohuwar makarantarta, tana karatu da rubutu da shi daidai gwargwado. Auta kuwa harshen gida kaɗai yake da shi. Saboda haka ba tambaya ɗaya nake ɗauke da ita ba, kowane yaro da tasa.

19 ga Yuni

Na tattara sunayen makarantu daga maƙwabta da abokan aikin Baban yara, na je ofishin ilimi na yankin na nemi jerin waɗanda ke da rajista. Wasu daga cikin waɗanda aka yaba mini ba sa cikin jerin, sai na soke su ba tare da na taka ƙafa ba. Makarantar da ba ta da rajista ana iya rufe ta a tsakiyar shekara, kuma takardar da za ta ba yaro ba lallai wata makaranta ta karɓa ba. Yaya ta kusa jarrabawar gama firamare, ba zan yi wasa da wannan ba.

Uku suka rage. A littafina na sa musu suna ta kusa, ta tsakiya da ta nesa.

24 ga Yuni

Maganar kuɗi. Kowace makaranta adadi ɗaya take faɗa maka idan ka tambaya, wato kuɗin karatu, sauran kuma sai ka riga ka sa hannu suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Don haka na roƙi kowane akawu ya ba ni takardar biyan kuɗi ta shekarar da ta wuce, ta ɗan aji ɗaya da ta ɗan aji biyar, a rufe sunan mai ita. Biyu sun ba ni. Ta nesa ta ce ba ta bayarwa, sai wata uwa da na haɗu da ita a bakin ƙofa ta nuna mini tata a waya.

Don lissafin ya fito sarai, na ɗauki kuɗin karatun shekara na makarantar kusa a matsayin 100, na auna komai da shi. A ta kusa, kan wannan 100 akwai littattafai 20, kayan makaranta 15, kuɗin gini 25, sai kuɗin jarrabawa da darasin yamma 25. Darasin yamman nan ana cewa na ganin dama ne, amma na tambayi iyaye suka ce a cikinsa ake ƙarasa manhajar da ba a gama da safe ba, wanda bai zauna ba an wuce shi. Ke nan dole ne. Jimla 185 ga yaro ɗaya, babu kuɗin mota tunda da ƙafa za a je.

Ta tsakiya ita ce ta fi ba ni tsoro da farko, domin kuɗin karatunta 150 ne. Sai na tarar littattafai da jarrabawa duk suna ciki. Kayan makaranta 15, mota 25, jimla 190. Suna kuma rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin karatu ga yaro na biyu, wato 15. Ta nesa tana cewa 120, amma motarta 60 ce, abincin rana na dole 30, kayan makaranta 20, jimla 230.

Idan aka haɗa yara biyu, ta kusa 370 ce a shekara, ta tsakiya 365, ta nesa 460. Kuɗin shiga da ake biya sau ɗaya na ajiye shi gefe: 20, 15 da 40 ga kowane yaro, wanda ya kai shekarar farko 410, 395 da 540. Wadda ta yi kama da mai araha da wadda ta yi kama da mai tsada ashe kusan kunnen doki suke.

Na kuma yi tambayoyin da ba su cikin takarda. Nawa aka ƙara a shekaru biyun da suka wuce, kuma ana sanar da iyaye tun kafin hutu ko sai an dawo? Idan biya ya makara, iyaye ake kira ko yaro ake kora daga aji a gaban 'yan uwansa? Idan an sake yi mana canjin wurin aiki a tsakiyar zango, me ake mayarwa? Ta nesa ta ce sai an ba ta sanarwar zango guda cur, in ba haka ba a biya zangon da yaron ba zai zauna ba. Ga iyalin da aiki ke yawo da su, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

1 ga Yuli

Nisa ba a kilomita nake auna shi ba, a agogo ne, kuma agogon safiyar ranar aiki. Taswirar waya ta ce ta nesa kilomita 11 ce, minti 25. Da muka bi hanyar a lokacin da ake kai yara, mun haura awa ɗaya, saboda akwai gada guda da kowa ke bi ta kanta. Abin da ya fi wannan muni shi ne motar makarantar. Unguwarmu ce farkon zagayenta, za ta ɗauki yaranmu ƙarfe 5:50 na asuba, sannan da yamma su ne na ƙarshen sauka.

Na zauna na lissafa barci. Likitocin yara sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Idan Auta zai tashi ƙarfe 5:15, kafin ya sami ko da mafi ƙarancin sai ya riga ya yi barci ƙarfe 8:15 na dare, alhali a shekarunsa ya fi kusa da masu bukatar awa 10 ko 11. Yaron da ya dawo gida dab da magariba, yaushe zai yi wanka, ya ci abinci, ya yi aikin gida, ya yi wasa? Kuma yaron da ke koyon sabon harshe ya fi kowa bukatar kai a sake, domin sauraro kaɗai aiki ne a wurinsa.

Ta tsakiya kilomita 4 ce, ba ta bi ta gadar, motarta na zuwa ƙarfe 6:55. Ta kusa ba ta kai kilomita ɗaya ba. Mun taka da Auta don in ga tafiyarsa, ba tawa ba, ya yi ta cikin minti 20 har da tsaye-tsaye. Sai dai akwai babban titi a tsakani, babu gadar ƙafa, babu tudun rage gudu, babu mai tsallakar da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cuɗanya. Motocin da na gani a titin nan sun ninka haka. Yaya ba za ta iya tsallakar da ƙaninta a nan ba, ita ma kanta ban yarda ta tsallaka ita kaɗai ba. Ke nan kusancin bai ɗauke mini komai ba, dole babba ya raka su safe da rana.

3 ga Yuli

Tsaro ba a ofishin shugaban makaranta ake ganinsa ba, a bakin ƙofa ne lokacin tashi. Na tsaya a gefe ina kallo ba tare da na sanar ba.

A ta kusa, ƙararrawa na kaɗawa aka wangale ƙofa, yara suka kwararo kan titi, maigadi yana can yana hira. Na shiga har tsakiyar fili babu wanda ya ce mini daga ina. Na ga wani ƙaramin yaro ya bi wani mutum, babu wanda ya tambayi mutumin ko shi wane ne. Mai yiwuwa ubansa ne, amma makarantar ba ta da hanyar sani. A ta tsakiya ƙananan azuzuwa ba su fitowa sai mai ɗauka ya nuna kati, malamar ajin ce kuma ke miƙa yaron da hannunta. Na tambaya idan an manta katin fa, aka ce sai an kira lambar da ke fayil ɗin yaron an ji daga bakin iyaye. Maigadinsu ya tare ni tun ban kai ƙofa ba, ya rubuta sunana ya kira ofis. Ban ji haushi ba ko kaɗan, abin da na zo nema ke nan.

A ciki kuma idona na kan hanyar fita. Ta nesa bene ce mai kyan gani, amma matakala ɗaya ce tak, a ƙasanta akwai ƙofar ƙarfe da kwaɗo rataye, tagogin sama duk da ƙarafa. Na tambayi wa ke riƙe da mabuɗi lokacin darasi, aka yi ta kallon juna. Tukunyar kashe gobarar da ke bango allurarta ta sauka daga kore, ranar da aka rubuta a jikinta kuma ta daɗe da wucewa. Idan wuta ta tashi a ƙasa, yaran sama ba su da ta yi.

Na duba banɗaki a ko'ina: ko na mata daban, ko ƙofa na rufuwa, ko akwai ruwa, ko yana wani lungu ne da malami ba ya hangowa, domin a irin wannan lungu manyan yara ke cin zalin ƙanana. Na tambayi abin da ake yi idan yaro ya ji ciwo ko zazzaɓi ya kama shi, da abin da ake yi wa malamin da ya daki yaro. Amsar da nake yarda da ita ita ce wadda aka ciro takarda aka nuna mini, ba “ai ba ya faruwa a nan” ba. A motar ta tsakiya na ƙirga kujeru na ƙirga yara, sun yi daidai, kuma akwai wata mata ban da direba da ke riƙe da jerin sunaye.

Ta nesa ta fita daga lissafi yau, matakalar nan kaɗai ta isa.

9 ga Yuli

Wannan makon na harshe ne, kuma a nan na fi daɗewa. Na roƙi a bar ni in zauna a bayan aji in ga darasi guda daga farko har ƙarshe. Makarantar da ta ƙi wannan roƙo ta riga ta ba ka amsa, amma duka biyun sun yarda.

Allon ƙofar ta kusa ya ce da harshen hukuma ake koyarwa tun daga aji ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Malamar aji biyar ta karanta darasin raba lamba gida-gida da harshen hukuma, ta rubuta a allo da shi. Da ta ga fuskokin yara ba su gane ba, sai ta juya zuwa harshen gari ta warware musu komai, suka yi dariya, suka ɗaga hannu, aka ci gaba. Malama ce ƙwararriya, abin da ta yi kuma daidai ne ga yaran da ke gabanta, tunda dukkansu 'yan gari ne. Amma da na sa Yaya a kan ɗaya daga cikin kujerun nan a zuciyata, sai na ga daidai lokacin da kowa ke fahimta shi ne lokacin da ita za ta ɓace. Karatun ana yin sa da harshen da take ji rabi-rabi, bayanin kuma da harshen da ba ta ji sam. A aji ɗaya abin ya fi haka, domin “ku zauna”, “ku buɗe littafi”, “wa ke son fita” duk da harshen gari ake faɗa. Wannan ba zai taɓa fitowa a takardar talla ba, kuma shugabar ba ɓoye mini ta yi ba, a wurinta ba matsala ba ce.

Ta tsakiya tana unguwar da baƙi suka yi yawa, yaran ajin harsunan gidajensu daban-daban ne. Malamar aji ɗaya ba ta da wani harshe guda da za ta koma wa, saboda haka ta nemi wata dabara. Tana koyar da “fiye” da “ƙasa da”, ta zuba marafan kwalba a tebur kashi biyu, ta faɗi jimla gajeriya tana nunawa da hannu, ta maimaita ta ba tare da canza kalmomin ba, sannan ta sa yara biyu-biyu su faɗa wa juna. Wata yarinya ta kasa, sai malamar ta kira wani yaro mai harshe ɗaya da ita ya raɗa mata da harshensu, ta dawo ta faɗa da harshen aji. Babu wanda aka tsawata wa don ya yi harshen gidansu. Na ji hankalina ya kwanta a kujerar nan.

Bayan darasi na ce mata, “Malama, idan aka kawo miki yaron da ba ya jin komai, me kike yi da shi a makon farko?” Ta ce, “Maman Auta, ba na matsa masa ya yi magana. Kusa da ni nake zaunar da shi, in fara koya masa yadda zai ce yana jin ƙishi, yana son banɗaki, ko wani abu na yi masa ciwo. Sauran zai biyo baya.” Ta ce suna ware rabin awa kullum ga sababbin zuwa, cikin ƙaramin rukuni, kuma yana cikin kuɗin karatu. A ta kusa da na yi wannan tambaya, amsar ita ce yara ba su da wuya, cikin wata uku zai kama.

Wannan magana ta wata uku ita ce ke yaudarar iyaye da yawa. Masanin ilimin harshe Jim Cummins ya bambanta harshen hira da harshen karatu tun 1979, kuma bincikensa a kan yaran baƙi a Kanada ya nuna cewa na hira yakan zauna cikin kamar shekara biyu, amma kamo 'yan aji a harshen karatu yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Yaro zai iya yin faɗa da wasa da ciniki da sabon harshe, iyaye su ce ai ya iya, alhali idan aka ce ya bayyana dalilin da ya sa ruwa ke ƙafewa a rana, ko ya warware lissafin da aka rubuta da jimloli, sai ya tsaya cak. Daga nan a fara cewa ba ya ja, bayan kuwa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba.

Na san abin da ya fi wa Auta shi ne ya fara koyon karatu da harshen da ya tashi da shi. Hukumar UNESCO tana faɗin haka tun 1953. Babu makarantar da ke koyarwa da harshenmu a garin nan, saboda haka zaɓin da ke gabana shi ne harshe sabo guda ɗaya ko biyu a lokaci guda. Ɗaya na zaɓa. Harshen gari zai tsince shi a wurin wasa da maƙwabta, ina kuma so ya iya shi, amma ba na so fahimtar lissafinsa ta rataya a kansa.

21 ga Yuli

An yi wa yaran gwajin shiga a ta tsakiya. Yaya ta ci lissafin lambobi zalla kusan duka, ta faɗi yawancin na jimloli. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya kawo shawarar a mayar da ita aji huɗu. Na roƙi a karanta mata tambayoyin da ta faɗi a hankali, a bar ni in fassara mata kalmomin da suka tsaya mata kawai, ban da lissafin. Ta warware mafi yawansu a gabansu. Abin da ya kayar da ita kalmomi ne irin “ragowa” da “kowannensu” da “sau nawa” a harshen hukuma. Maimaita aji ba zai koya mata su ba, sai dai ya sa ta zauna shekara guda tana jin abin da ta riga ta sani. An yarda ta shiga aji biyar, tare da darasin rabin awar nan, a sake dubawa a tsakiyar zango.

Mun biya kuɗin shiga ta banki, na karɓi rasit, na kuma sa an rubuta mini rangwamen yaro na biyu da sharaɗin mayar da kuɗi a takarda mai hatimi. Takardar canjin makaranta da sakamakon Yaya na shekarun baya da katin rigakafin Auta duk na miƙa kwafi, na asali suna hannuna.

A gida na fara koya wa Auta haruffa da harshenmu, minti 15 bayan la'asar. Yaron da ya gane cewa harafi sauti yake wakilta, ba sai ya sake gano wannan a harshe na biyu ba, da shi zai tafi.

10 ga Oktoba

Makonni sun tafi da fara zango. Motar tana zuwa tsakanin 6:55 da 7:05, tana dawo da su kafin ƙarfe uku. Kuɗi ɗaya ya ɓullo da ba ya cikin takarda, na rigar wasanni, kimanin 5 a ma'aunina ga kowane yaro. Na biya, na kuma ce a sa shi a takardar badi don iyayen da za su zo bayanmu.

Auta bai fara magana a aji ba. Malamarsa ta ce yana bin umarni, yana nuna abu idan an ambaci sunansa, yana motsa baki lokacin waƙa, kuma wannan shirun sananne ne ga yaron da ke shiga sabon harshe. Abin da ta ce in sa wa ido shi ne idan ya fara ƙin zuwa, ko ciwon ciki kowace safiya, ko ya daina wasa da yara. Babu ko ɗaya zuwa yanzu. Jiya na ji shi yana ƙirga takalma a bakin ƙofa da harshen makaranta, ya kai bakwai ya koma namu.

Yaya ce ke shan wuya fiye da yadda take nunawa. Lissafi ya daidaita, amma kimiyya da nazarin zamantakewa kalmominsu sun yi mata yawa, aikin gida na minti 30 yana cin mata fiye da awa. Na roƙi malaminta ya riƙa ba mu jerin kalmomin darasin mako mai zuwa tun ranar Juma'a, mu bi su da ita a ƙarshen mako da harshen gida, ya kuma amince. Ranar 24 ga wata za mu zauna da shi a duba maganar aji biyar. Zan tafi da littattafan aikinta na makon farko da na wannan makon, a ajiye su gefe da gefe, in kuma nemi a bar ta cikin darasin rabin awa har ƙarshen shekara.